Odita ya mayar min da kuɗin tsufan inji cikin riba, wai haka dokar take?

Alhaji Mai Roba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin akanta ku taimaka min da wani abu da ya hana ni barci tun shekaranjiya. Ina da ɗan kamfanin roba a Sharada, buta da bokiti da kwanon wanka muke bugawa. A watan Janairun 2024 na sayi sabon injin buga roba, kuɗinsa miliyan 18, ɗauko shi daga Legas da zuba masa kankare da jawo masa wuta da kuɗin injiniyan da ya haɗa shi suka ci miliyan 2, ya zama miliyan 20 cif. Yaron da ke riƙe mana littafi ya ce injin zai yi shekara 10, don haka duk shekara zai riƙa cire miliyan 2 a matsayin tsufan inji, difirishiyeshin kamar yadda suke faɗa, na ce ba laifi. Ribar shekara ta fito miliyan 30 bayan an cire wannan. To yanzu a 2025 odita ya kawo min takardar lissafin harajin ribar 2024, ina dubawa sai na ga layin farko ya ɗauki miliyan 2 ɗin nan ya MAYAR cikin riba ta koma 32, can ƙasa kuma ya cire wani miliyan 12.5 da ban san daga ina ya samo shi ba. Na kira shi yana Abuja yana ta sauri ya ce "Alhaji haka dokar take". Ni dai tsorona kar gobe 'yan FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, su zo su ce na ɓoye riba.

Ɗan Singa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ni ina ganin oditan ma ya tausaya wa gwamnati ne. Injin da ka saya miliyan 20 a Janairun bara yanzu in za ka sake shigo da shi nawa ne? Darajar naira ta faɗi, ai asarar da ka yi ta fi miliyan 12 ma, a cire kawai.

Baban Halifa: Ɗan Singa ba faɗuwar naira ake magana ba, ka sake karantawa. Faɗuwar darajar injin ake nufi saboda aiki da tsufa. Alhaji kwantar da hankalinka, na yi wannan a makaranta. Abin da ya cire sunansa kafital alawus, rangwamen da gwamnati ke bayarwa kan kayan aiki. Shekarar farko ana ba ka rabin kuɗin injin, miliyan 10 ke nan, sai a ba ka kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage, miliyan 2.5, ka ga 12.5 ta fito. Baɗi kuma kashi 25 na ragowar miliyan 7.5, wato wajen miliyan 1.9, haka zai yi ta raguwa har ya ƙare.

Malam Akanta: Salamu alaikum. Alhaji ranka ya daɗe, oditanka bai yi kuskure ba, sai dai ya yi maka rowar bayani. Baban Halifa ya kawo shekarar farko daidai amma ya zame a ta biyu, zan zo kai.

Mu fara da miliyan 2 da aka mayar, tunda ita ta fi tsaya maka a rai. Wa ya ce injin nan zai yi shekara 10? Yaronka ne ya faɗa, kai kuma ka ce ba laifi. Da ya ce shekara 5 da miliyan 4 zai riƙa cirewa, da ya ce shekara 20 da miliyan 1 ce, kuma duka ukun ba wanda za a ce ya yi ƙarya domin hasashe ne, kowane kamfani yana duba yadda yake aiki da injinsa, mai kwana yana bugu ba daidai yake da mai tashi ƙarfe biyar ba. Wannan hasashen yana da amfani a littafinka, shi ke nuna maka kai da banki da abokan hannun jarinka ainihin abin da shekara ta samar. Amma ka sa kanka a kujerar mai karɓar haraji. In ya yarda da hasashen kowa, to kowa a Sharada da Bompai da Challawa zai wayi gari ya ce injinsa shekara 2 kacal zai yi, riba ta ɓace. Shi ya sa dokar harajin kamfanoni ta ce ƙarara ba a cire difirishiyeshin wajen lissafin haraji, ko naira ɗaya. Duk abin da ka cire da wannan sunan a littafi sai an mayar da shi, sannan doka ta ba ka nata ma'aunin wanda yake iri ɗaya ga kowa, yana nan a jadawali na biyu na dokar da ta shafi ribar 2024. To shi ne miliyan 12.5 da ka gani.

Alhaji Mai Roba: To Malam na fara gani. Wato sun ƙwace mudu na sun ba ni nasu.

Malam Akanta: Haka ne Alhaji, kuma a bana nasu mudun ya fi naka girma nesa ba kusa ba. Ga yadda yake a kan inji da kayan masana'anta a dokar da ta shafi ribar 2024. Akwai alawus na farko, sau ɗaya ake bayarwa a shekarar da aka fara aiki da injin, kashi 50 na kuɗin da aka kashe. Kuɗin da aka kashe kuma ba farashin injin kaɗai ba ne, har da ɗauko shi da girka shi, shi ya sa oditan ya yi aiki da miliyan 20 ba 18 ba. Rabi ya tafi, saura miliyan 10. Wannan sauran shi ake rabawa gida 4 daidai wa daida, tunda kashi 25 ne alawus na shekara-shekara, kowace shekara miliyan 2.5, kuma ta farko tana haɗuwa da alawus na farko a shekara guda. A nan ne Baban Halifa ya zame, ba a sake lissafa kashi 25 a kan abin da ya rage duk shekara, miliyan 2.5 ɗin ce dai za ta maimaita har sau 4. A ta huɗun ma ana barin naira 10 a littafin haraji, alamar cewa injin yana nan hannunka ba a sayar ba.

Baban Halifa: Malam anya kuwa? Ni fa na tuna sarai mun yi ta lissafin ragowa a kan ragowa, har malamin yana cewa ba ta taɓa kaiwa sifili.

Malam Akanta: Ka tuna daidai, akwai wannan salon, ana yinsa a difirishiyeshin na littafi in kamfani ya zaɓa, kuma akwai ƙasashen da harajinsu ma haka yake tafiya, littattafan da aka koyar da mu da su da yawa daga Ingila suke. Amma gwada naka a kan injin Alhaji ka gani, 2.5 sai 1.9 sai 1.4 sai wajen 1.1, bayan shekara 4 za ka tarar da sama da miliyan 3 a tsaye ba a ba shi ba, alhali a namu tsarin shekara 4 an gama, saura naira 10. In ka shigar da naka lissafin Alhaji ne zai yi ta biyan harajin da bai kamata ya biya ba a waɗannan shekarun.

Baban Halifa: To na karɓa, amma zan duba tsohon littafina in na koma gida.

Ɗan Singa: Naira 10 kuma? Ko ruwan leda ba za ta saya ba yanzu.

Hajiya ta Kwari: Ni tambayata ɗaya Malam, ku bar maganar mudu, nawa Alhaji zai biya? Mu 'yan kasuwa abin da zai fita daga aljihu muke ganewa.

Malam Akanta: Hajiya ga shi. Na ɗauka cinikin Alhaji na shekara ya haura miliyan 100, tunda mai ribar miliyan 30 a roba da wuya bai haura ba, to harajinsa kashi 30 ne. Da a kan ribar littafi ake cajinsa, kashi 30 na miliyan 30, miliyan 9 zai biya. Amma an mayar da 2 ta zama 32, an cire 12.5 saura 19.5, kashi 30 na wannan miliyan 5.85 ne. Ya rage masa miliyan 3.15 a aljihu a bana. Sai dai Alhaji ka duba takardar da kyau za ka ga wani layin na harajin ilimi, kashi 3 a 2024, shi wannan a kan miliyan 32 ake lissafa shi tun kafin a cire alawus, naira dubu 960 ke nan, alawus ɗin inji ba ya taɓa shi ko kaɗan. Mutane da yawa suna zuwa min da faɗa a kan wannan layin suna cewa an manta ba a cire musu ba.

Alhaji Mai Roba: Wallahi ga shi nan, 960,000, yanzu na duba. Allah ya saka da alheri Malam. Ashe riba na ci miliyan 3 da wani abu ina ta zargin bawan Allah. Bari in saka su cikin kuɗin Umara kawai.

Malam Akanta: A'a Alhaji tsaya tukuna, wannan ne wurin da na fi so ka ji, domin nan ne ake faɗawa rami. Kuɗin nan ba kyauta ba ne, bashi ne marar ruwa da gwamnati ta ba ka, kuma za ta karɓi abinta. Mu ɗauka ribarka za ta tsaya a miliyan 30 duk shekara kuma doka ba ta motsa ba. Shekara ta 2 da ta 3 da ta 4, a mayar da 2 a cire 2.5, harajinka miliyan 8.85, ɗan sauƙin dubu 150 kacal kowace shekara. Haɗa su da na bana, sauƙin da ka samu gaba ɗaya miliyan 3.6. Daga shekara ta 5 alawus ya ƙare, amma yaronka yana nan yana cire miliyan 2 a littafi har shekara ta 10, odita kuma yana mayarwa, babu abin da zai cire a ƙasa. Littafi zai ce ribarka 30, mai haraji zai ce 32, ka biya miliyan 9.6 maimakon 9. Ƙarin dubu 600 sau shekara 6 nawa ke nan? Miliyan 3.6. Abin da ka ci a gaba shi za ka biya a baya, ba ƙari ba ragi, domin ta kowace hanya aka bi miliyan 20 ɗin dai ita ake cirewa, lokacin cirewar ne ya bambanta.

In oditanka mai bin ƙa'ida ne za ka ga ya ajiye miliyan 3.15 a cikin basussukan kamfani da sunan harajin da aka jinkirta. Yadda ya samo ta, injin a littafinka darajarsa miliyan 18 a ƙarshen shekara, a wajen masu haraji saura 7.5, tazarar 10.5, kashi 30 nata shi ne 3.15. Ba wanda zai zo ya tambaye ka ita bana, tunatarwa ce kawai cewa tana jiranka.

Hajiya ta Kwari: To in dai za a biya a ƙarshe menene amfanin wahalar? Ni da a bar ni da lissafi ɗaya in huta.

Ɗan Singa: Haba Hajiya, ke da kike ba da atamfa bashi har Nijar da Chadi kike wannan tambayar? Miliyan 3 ta yau da miliyan 3 ta bayan shekara 6 ɗaya suke? Alhaji ya zuba su a ɗanyen roba ya juya sau nawa kafin lokacin, ga ruwan banki a 2025 ɗin nan ya kusa kashi 30. A nan dai maganata ta faɗuwar naira ta shigo, ku ba ni makina.

Malam Akanta: An ba ka Ɗan Singa, a nan kam ka yi daidai. Kuma da gangan aka yi shi haka, don mai kafa masana'anta ya samu numfashi a shekarar da ya zazzage aljihunsa. Ba ruwan dokar da tsawon ran inji na gaskiya, ba wanda ya yi imani injin roba shekara 4 yake yi, akwai injinan da ke aiki a Bompai tun kafin a haifi wasunmu a nan.

Mai Tirela: Salam. Ku yi haƙuri in shigo da nawa tunda an taɓo wurin da ke min ciwo. Kamfaninmu na dakon kaya ne, Dawanau zuwa Legas, hatsi da riɗi. Bara mun sayi mota ta hannu miliyan 16. Akantanmu ya yi irin wannan lissafin, rabi miliyan 8, ragowar gida 4 miliyan 2, ya ce alawus ɗinmu miliyan 10 ne. Ribarmu bayan an mayar da tsufan mota miliyan 9 ce. Na yi murna na ce ashe bana ba haraji tunda 10 ta fi 9, sai ga shi ya ce miliyan 6 kawai za a cire, mu biya a kan 3. Na ce masa ko dai kai ma'aikacinsu ne a ɓoye? Yanzu ga Alhaji an cire masa nasa duka ba a rage ko sisi ba, me ya sa?

Baban Halifa: Wannan na san shi. A dokar da ta shafi ribar 2024 ba a cire alawus fiye da kashi biyu cikin uku na ribar shekara. Biyu cikin uku na 9 shi ne 6. Shi Alhaji biyu cikin uku na 32 ya haura 21, nasa 12.5 bai kai ba, shi ya sa bai ji komai ba.

Malam Akanta: Lissafin Baban Halifa daidai ne a kan Mai Tirela. A kan Alhaji kuma akwai ƙari, ko da nasa ya haura 21 ɗin ba za a tare shi ba, domin masu sarrafa kaya a masana'anta da masu harkar noma an cire su daga wannan iyakar. Kai mai dako da Hajiya mai saye da sayarwa ku ne take hawa kanku. Amma miliyan 4 ɗinka ba ta ɓata ba, ana ɗaga ta zuwa shekara mai zuwa a haɗa da miliyan 2 ta shekarar ta zama 6, in riba ta ɗauka a cire, in ba ta ɗauka ba a sake ɗagawa. Abin da zan ce ka sa ido a kai shi ne ranar da za ku canja akanta, domin na sha ganin sabon akanta ya fara lissafi daga fari bai tambayi abin da aka ɗago ba, miliyoyi su bi ruwa ba wanda ya sani. Ka riƙe kwafin jadawalin alawus na kowace shekara a hannunka, ba a ofishinsa kaɗai ba.

Mai Tirela: Wato mai buga buta ya fi mai kai abinci Legas daraja a wajen gwamnati. To Allah ya kyauta. Ni har yanzu ban ga adalci a nan ba, motar nan tayoyinta kaɗai sun isa su kashe mutum.

Hajiya ta Kwari: Ai taya kuɗin gyara ne, wannan kai tsaye ake cirewa a shekarar, ko ba haka ba Malam? Ni dai nawa ya fi na kowa ban haushi. Muna da janareto babba a sito, mun saya miliyan 8, muka yi shekara 2 da shi, a ta uku muka koma sola muka sayar. Saboda tashin dala sai ga shi an saye shi miliyan 9, tsohon janareto ya fi sabo tsada. Ina cikin murna akanta ya ce wai akwai haraji a kan miliyan 6 da za a ƙara mana cikin riba. Na ce ribar miliyan 1 na ci, daga ina 6 ta fito? Har yau ban yafe ba.

Malam Akanta: Taya da bakin mai da ƙananan gyare-gyare haka ne Hajiya, a shekarar ake cire su gaba ɗaya. Na janareto kuma ki yafe masa, ga inda 6 ta fito. Shekarar farko an ba ku miliyan 4 da miliyan 1, ta biyu an ba ku miliyan 1, jimla 6, saura 2 a littafin haraji. Shekarar da aka sayar ba a ba da alawus tunda ba ya hannunku a ƙarshenta. Gwamnati ta rage muku haraji a kan miliyan 6 bisa cewa janareton yana cinyewa, sai ga shi kun sayar ba ku yi asarar ko kwabo ba, to sai ta ce a dawo mata da rangwamenta. Tsakanin 9 da kuka sayar da 2 da ta rage miliyan 7 ce, amma doka ba ta karɓar fiye da abin da ta bayar, shi ya sa aka tsaya a 6. Miliyan 1 ta sama ita ce ribar da kike faɗa, ita kuma harajin ribar kadara ne ya hau kanta, kashi 10 a lokacin. Da kuma kun sayar da shi miliyan 1.5, ƙasa da 2 ɗin da ta rage, da su za su cika muku dubu 500 a cire daga riba.

Hajiya ta Kwari: To ai da na sani da na bar shi a sito yana shan ƙura.

Ɗan Singa: Ko ki sayar a karɓi kuɗi a hannu ba rasit, wa zai sani?

Malam Akanta: Ranar da suka zo bincike da jadawalin kadarori a hannu suke zuwa, su ce nuna mana janareto mai lamba kaza da ake karɓar alawus a kansa. In babu shi kuma babu takardar sayarwa, ga harajin ga tara ga ruwa, ni ba na ba da wannan shawarar. Kuma tunda an zo maganar takardu, Alhaji ka tabbata kana da inbois na injin da sunan kamfani ba sunanka ba, da takardun kwastan, da shaidar biya ta banki, da satifiket ɗin amincewa da kadara da ake karɓa daga ma'aikatar masana'antu ta tarayya. Ba lissafin ne ke kayar da mutane ba yawanci, takarda ce. Miliyan 2 ɗin girkawa ita na fi ji wa tsoro, domin irin wannan kuɗin a hannu ake miƙa wa birkila da mai wayarin ba wanda ya rubuta komai.

Alhaji Mai Roba: Ka taɓo ni Malam. Injiniyan ta banki na biya shi, amma kankare da leburori wajen dubu 400 a hannu na bayar. Zan nemi ɗan kwangilar ya rubuta min. Wata tambayar kuma, ina da niyyar ƙaro inji na biyu, in ya iso a Disamba wata ɗaya kawai za a lissafa min ko yaya?

Malam Akanta: A littafinka yaronka zai lissafa wata ɗaya ne, tunda wata ɗaya injin ya yi aiki. A haraji kuwa, a tsarin da muke kai, in dai shekarar lissafinka cikakkiya ce wata 12, kuma ranar rufe littafi injin naka ne yana aiki, alawus ɗin shekara cikakke za ka samu ko da sati biyu ya yi. Sharaɗin shi ne yana aiki. In yana cikin kwantena a Apapa ko yana jiran kwastan a tashar Dala ta Zawachiki ranar 31 ga Disamba, to sai shekara ta gaba.

Amma fa akwai sabon zance. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda za ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta soke alawus na farko gaba ɗaya. Ta raba kadarori aji uku, kashi 10 da kashi 20 da kashi 25 a shekara, a kan asalin kuɗin, gine-gine a 10, inji da kayan aiki a 20, motoci a 25. Naira 10 ɗin da Ɗan Singa ke yi wa dariya ta koma kashi 1 cikin 100 na kuɗin kadarar. Injin miliyan 20 irin naka a sabon tsari miliyan 4 zai samu a shekarar farko, ba 12.5 ba, a shekara 5 a gama a bar dubu 200. Sannan kayan da ba a biya musu harajin VAT ko kuɗin kwastan da ya hau kansu ba, babu alawus a kansu sam.

Mai Tirela: To masu shigo da inji ta bayan gida sun shiga uku.

Baban Halifa: Ka ga ke nan Alhaji ya yi sauri ya shigo da na biyun kafin Disamba ya kwashi rabinsa a tsohuwar doka. Lissafi a fili yake.

Malam Akanta: Ban ce ba tukuna. Littafin 2025 a tsakiyar 2026 ake shigar da shi, lokacin sabuwar doka ta riga ta fara aiki, to wace za a bi a kansa? Mu kanmu a ofis mun rabu biyu, wani ya ce ribar da aka samu a 2025 tsohuwar doka ce ke kanta, wani ya ce shekarar da aka yi kimar harajin ita ake dubawa. Haka ma ragowar miliyan 7.5 na injin farko, yadda za a ƙarasa ta a sabon tsari sai mun ga takardar bayani daga hukumar. Ni ba zan ce wa mutum ya ciyo bashin banki da ruwa kusan kashi 30 don ya riski alawus ɗin da ban tabbatar zai same shi ba.

Baban Halifa: Ni dai ina nan a kan bakana, doka ba ta komawa baya. Wanda ya saya a 2025 ya saya a ƙarƙashin tsohuwa.

Hajiya ta Kwari: Malam mu da shagonmu na biyu ba kamfani ba ne, sunan kasuwanci kawai muka yi wa rajista, mu ma wannan lissafin ne?

Malam Akanta: Tushen ɗaya ne Hajiya, a mayar da difirishiyeshin a cire alawus, amma wannan shagon harajin mutum ne ba na kamfani ba, kuma hukumar tara haraji ta jihar Kano ce ke karɓa ba ta tarayya ba, matakan kuɗin ma daban suke. Ki buɗe masa zare nasa don kar mu cakuɗa wa Alhaji lissafi.

Alhaji Mai Roba: Na gode ƙwarai jama'a. Na kira oditan yanzu na ba shi haƙuri, ya ce Litinin zai dawo Kano mu zauna a kan maganar inji na biyu. Miliyan 3 ɗin kuma na fasa Umara da su, ɗanyen roba zan ƙaro. Malam in ba damuwa zan turo maka hoton jadawalin ta bayan fage ka duba min layin motar kai kaya, domin a nan ma na ga wata lamba da ban gane ba.

Malam Akanta: Turo Alhaji, amma sai bayan Isha'i, yanzu ina kan titin Zariya cikin cunkoso. Ka haɗo da shekarar da aka sayi motar.